Takardar da ta tona asirin mai ita

A daminar bara wani abokina a Malam Madori ya rubuta koke kan rabon kayan agajin ambaliya, bai sa suna ba. Ya buga a kwamfutar yayansa, ya mayar da shi PDF, ya tura wani zauren WhatsApp. Kafin magariba an kira yayan nasa a waya.

Babu wanda ya kai tsegumi. Word ne ke liƙa sunan mai kwamfuta da ranar rubutu a cikin fayil, su kuma bi shi zuwa PDF. Duk wanda ya buɗe shi da Adobe Reader ya danna Ctrl+D zai gansu.

Maganin tun daga Word yake farawa. Shiga File, Info, Check for Issues, Inspect Document, ka danna Inspect, sannan ka danna kowane Remove All da ya bayyana. Wannan zai kwashe suna, sharhi da tarihin gyare-gyare. Sannan ka mayar da shi PDF.

In kuwa PDF ɗin kaɗai ke hannunka, yi amfani da waɗannan:

```
exiftool -all= koke.pdf
qpdf --linearize koke.pdf sabo.pdf
```

Kada ka tsaya a layin farko. ExifTool lulluɓe bayanan kawai yake yi, wanda ya iya zai dawo da su. Layi na biyu ne ke sake gina fayil ɗin, ya zubar da tsohon.

Kafin ka tura sabo.pdf, buɗe shi ka danna Ctrl+D. In gurbin Author fayau yake, to bismillah.