Disable Ba Ya Goge Manhaja, Amma Ya Fi A Bar Ta Tana Cin Data

A wani shagon cajin waya da ke Sama Road a Sakkwato, wani matashi ya zauna yana ta ƙorafi. Wayarsa mai 32GB ta cika, WhatsApp ya daina sauke hotuna. An ba shi shawara ya kashe manhajojin da suka zo da wayar, ya bi guda shida ya danna musu Disable, amma da ya duba Storage sai ya ga sararin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Nan take ya yanke hukunci cewa maɓallin yaudara ne.

Ba yaudara ba ne. Matashin ya nemi abin da maɓallin bai taɓa alƙawari ba.

Ma'adanar wayar Android kashi-kashi ce. Akwai ɓangaren tsarin waya, inda kamfani ya zuba Android da manhajojinsa tun daga masana'anta, kuma a kulle yake, ana karantawa amma ba a gogewa. Akwai kuma ɓangaren mai waya, inda hotuna da bidiyo da duk abin da aka sauke daga Play Store suke. Manhajar da ba ta da Uninstall tana ɓangaren farko ne. Ko da an iya tumɓuke ta, gurbin da ta bari ba zai karɓi hoto ko ɗaya ba, domin girman ɓangaren a ƙayyade yake.

To me Disable yake yi? Tun Android 4.0 na shekarar 2011 ake da shi, kuma aikinsa shi ne hana manhajar tashi. Alamarta za ta ɓace daga allo, ba za ta yi aiki a ɓoye ba, ba za ta turo sanarwa ko talla ba, Play Store kuma zai daina sabunta ta. Nan ya bambanta da Force stop, wanda ke tsayar da ita na ɗan lokaci kawai, da zarar an taɓa ta ko wata manhaja ta kira ta sai ta farka. Ribar Disable a data take da batir da RAM, kuma ga mai sayen data kaɗan-kaɗan yana biyan kuɗin caji, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Akwai ma sararin da ake iya ƙwatowa idan an bi tsari. A ɗauki YouTube a wayar wanda ba ya kallonsa. Asalin manhajar na ɓangaren da ke kulle, amma duk sabuntawar da ta sauka daga baya, da bayanan da ta tara, a ɓangaren mai waya suke. Sai a shiga Settings, a zaɓi Apps, a buɗe ta, a danna Clear storage ko Clear data, a danna Uninstall updates, sannan Disable. Wasu wayoyin kan cire sabuntawar da kansu, wasu ba sa yi. Abin da matashin ya tsallake ke nan.

Masu cewa a tafi kai tsaye ga kwamfuta suna da hujja, domin wasu kamfanonin kan dusar da maɓallin a kan manhajojin da ba su da wani amfani ga mai waya, kuma wannan rashin adalci ne ga wanda ya biya kuɗinsa. Da ADB ana iya kashe irinsu, a kuma dawo da su:

```
adb shell pm disable-user --user 0 com.google.android.youtube
adb shell pm enable com.google.android.youtube
```

Sai dai ADB ba ya gargaɗi. Wanda ya kashe Google Play services zai ga sanarwar manhajoji da yawa ta daina shigowa, wasu manhajojin banki ma su ƙi buɗewa. Wanda ya kashe Download Manager zai ga Play Store ya kasa sauke komai. Wanda kuwa ya kashe Gboard alhali ba shi da wani allon rubutu, yana iya rasa abin da zai rubuta kalmar sirri da shi idan wayar ta kulle. Garin neman ƙiba an samo rama.

Don haka a kashe ɗaya, a yi amfani da wayar kwana guda, sannan a matsa gaba. Idan wani abu ya lalace an san mai laifi, kuma Enable na nan a wurin. A riƙa leƙawa bayan sabunta tsarin waya, domin wasu kan farfaɗo, Factory reset kuwa yana dawo da su gaba ɗaya.

Shi kuma matashin Sama Road, sararin da yake nema yana cikin bidiyoyin da ƴan guruf suka turo masa. Can ya kamata ya fara shara.