Kwat ɗin bashi a zafin Afrilu

Makon jiya wani tsohon ɗalibina ya zo neman rancen jaka ashirin. An kira shi intabiyu a wani ofishi nan N'Djamena, wai dole sai da kwat. Na hana shi, kuma ba rowa ba ce.

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Wanda ya hau kilando da kwat, kafin ya kai ƙofar ofishin gumi ya gama da shi, ga bashi yana jiransa ko an ɗauke shi ko ba a ɗauka ba.

Kasuwar Dembé muka nufa, wajen 'yan gwanjo. Na ce masa ya ɗaga kowace riga a rana, ya duba wuya da hammata, don tabon can wanki ba ya fitar da shi. Muka zaɓi mai ruwan sararin samaniya, saboda fara ba ta ɓoye ƙura. Tela ya rage hannun, wandonsa na da ya sha guga.

Gemu kuwa, duk da maganar abokansa, ban ga dalilin aske shi ba. Wanzami ya daidaita gefen, shi ke nan. Kuɗin da ya rage ya biya hoton takardunsa da na mota.