Kafin mu haɗa kuɗi, mu tambayi kanmu: ana iya ƙirga shi?

Yanzu da muke shirin barin makaranta, duk inda ka zauna zancen ɗaya ne: "Mu mayar da adashinmu jari." Ban ƙi ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma adashi daban, kasuwancin haɗaka daban. A adashi kowa ya san ranar kwasarsa da abin da zai ɗauka. A kasuwanci kuwa ba wanda ya yi maka alkawarin ko sisi.

Bara mu shida muka zuba dubu hamsin-hamsin, muka sayi 'yan tsaki ɗari na kajin nama. Lissafinmu shi ne nan da mako bakwai mu sayar. Abin da ba mu lissafa ba shi ne kaza ba ta san jarrabawa ba. Kullum tana son ruwa mai tsabta, abinci, da rigakafin Gumboro a kan lokaci. Da jarrabawa ta matso, kowa ya ɗauka wani ya leƙa. Ashirin da uku suka mutu. Sauran kuma 'yan uwa da abokai suka kwashi rabi bashi, aka rasa mai idon bi. Har yau biyu daga cikinmu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Don haka ra'ayina shi ne, kuɗin taro ya fi dacewa da sana'ar da ake iya ƙirga kayanta kowace yamma, wadda kuma ba ta lalacewa don mutum ɗaya ya makara. Ɗauki shagon fotokwafi da ɗinkin firojet. Rim ɗaya takarda 500 ne, injin kuma yana ƙirga kowane shafi da ya fitar. Idan ya nuna shafi 300 yau, a cire waɗanda suka lalace, sauran dole kuɗinsu ya fito a aljihun tebur. Ba sai an rantse ba. Hayar kujeru da rumfunan biki ma haka take: ɗari suka fita, ɗari za su dawo.

Wani zai ce ai kaji sun fi kawo riba. Gaskiya ne, a hannun mutum ɗaya da ke kwana kusa da su. Abin da ke da rai, ko mai ruɓewa irin tumatir, mai shi ɗaya yake so.

Sannan a raba ladan aiki da riba. Wanda ya wuni a shago a fara biyansa, abin da ya rage a raba gwargwadon zubin kowa. A rubuta yadda mai son fita zai karɓi kasonsa, kowa ya sa hannu tun ana dariya. Mu da muka ji kunyar rubutawa, ga inda kunyar ta kai mu.