Gyaran Gida: Kafa Lababo a Bango da Like Bakinsa da Silikon

A wannan fitowa za mu duba kwanon wanke hannu na tangaran, wanda aka fi sani da lababo. Idan ya saki bango ya faɗi, tarwatsewa yake yi, gutsattsarinsa kuma suna yanka kamar kwalba. Sau da yawa sanadin faɗuwar shi ne an ɗauka silikon ne ke riƙe shi, alhali ƙusoshi biyu masu zare da ke cikin bango su ne ke ɗauke da nauyin. Aikin silikon hana ruwa shiga baya ne kawai.

Bari mu ɗauki misalin lababo mai ramuka biyu a bayansa, da tazarar santimita 28 tsakaninsu, suna santimita 5 ƙasa da bakinsa na sama. An saba ɗora bakin a tsayin santimita 85 daga daɓe, don haka layin huji zai zauna a santimita 80. A ja layin da ma'aunin ruwa irin na magina, a sa alama biyu, kowace santimita 14 daga tsakiyar tiyon da ke fitar da ruwa. A auna na gida da hannu, domin ba kowane lababo ke da wannan tazara ba. A kuma san ta inda tiyo ya bi cikin bango kafin a kunna inji.

Idan bangon yana da karo, a manna sikoc a kan alamar don kada bakin inji ya zame, a huda a hankali ba tare da bugun guduma na injin ba, sai an wuce karon. Daga nan ne bangon zai bayyana halinsa. Idan inji ya ci gaba da cin siminti, madalla: a cusa robar da ƙusa ke kamawa, a ɗaura. Idan kuwa ya faɗa fanko nan take, to bulo mai rami ne, kuma roba ta yau da kullum ba za ta kama ba. Sai a nemi wadda aka yi domin bulo mai rami, ko a buɗe wurin a cika shi da siminti, a jira ya yi ƙarfi. Muna jaddada wannan ne saboda yara kan rataya a jikin lababo, manya kuma kan ɗora ƙafa a ciki wajen alwala, abin da a ganinmu gara a bari ko da an kafa shi da kyau.

A rataya lababon, a sa wasar roba kafin noti domin kada ƙarfe ya taɓa tangaran, a ɗaure dama kaɗan, hagu kaɗan, ana duba ma'auni. Da zarar ya daina motsi a tsaya. Ƙarin juyi ɗaya kan tsaga shi. Sannan a haɗa famfo da magudana, a saki ruwa a ga ko akwai yoyo.

Wajen sayen silikon, a nemi na banɗaki mai maganin funfuna, a duba ranar ƙarewarsa, domin wanda ya tsufa a rumfa cikin zafi yakan ƙi daskarewa. Mai warin tsami ya dace da karo da tangaran, amma a kan marmara ko siminti tsirara sai marar warin. A goge mahaɗar da alkol, a bar ta ta bushe sarai. In da tsohon silikon, a kankare shi duka, sabo ba ya kama tsoho da kyau.

A manna sikoc layi biyu, ɗaya a bango ɗaya a lababo, a bar kamar milimita 5 tsakani. A yanke bakin kwalbar a karkace, a matsa a ja daga wannan gefe zuwa wancan ba tsayawa. A tsoma yatsa cikin ruwan sabulu a shafe sau ɗaya, da ɗan dannawa. Kada a zuba ruwan sabulun a kan mahaɗar, domin duk inda ya rigaya shiga silikon ba zai manne ba. A cire sikoc nan da nan tun yana ɗanye. In aka jira ya yi fata, zai taho da gefen layin.

A bar shi awa 24 ba ruwa. Danshin iska ne ke daskarar da silikon, shi ya sa a lokacin hunturu yakan yi jinkiri, sai a ƙara masa kwana ɗaya. Bayan haka a danna gaban lababon da tafin hannu ana kallon layin. Idan ya buɗe ko ya rabu da bango, ƙusoshin ne ba su kama ba, kuma su za a koma wa kafin a sake likewa.