Sanarwa ta zo sau biyu, laifin wa?

A ce wani abokin ciniki ya zuba naira 20,000 a asusunsa na manhajar sayar da data. Kamfanin karɓar kuɗi, misali Paystack, zai aiko wa sabar mai manhajar sanarwa, wadda a shafinsa ake kira `webhook`, ɗauke da sunan `charge.success`. Sabar ta ƙara kuɗin, ta tsaya tura saƙon waya, kafin ta amsa da lambar 200 sai layi ya yanke. Mai aikowa bai ji amsa ba, don haka ya sake aikowa. Asusun ya koma naira 40,000.

Da yawa za su ɗora laifin a kan kamfanin. A ganina kuskure ne. Wanda bai ji amsa ba, ba shi da hanyar sanin ko saƙonsa ne ya ɓace a hanya ko amsar ce ta ɓace. Zaɓinsa biyu ne: ya yi shiru, wani biyan ya salwanta, ko ya maimaita. Paystack kan ci gaba da gwadawa har awa 72, Stripe kuma har kwana uku, kuma Stripe ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin sanarwa za su iso a jere ba. Saboda haka nauyin yana wuyan wanda ya rubuta manhajar karɓa.

Maganin da aka fi saurin kawowa shi ne a duba ko an taɓa ganin sanarwar, in ba a gani ba a ƙara kuɗi. Wannan bai wadatar ba, domin kwafi biyu na iya isowa a lokaci guda, kowanne ya duba ya tarar babu, duka su wuce. Hukuncin na rumbun bayanai ne, ta hanyar ginshiƙin da ba ya karɓar maimaici. A PostgreSQL:

```sql
INSERT INTO events (key) VALUES ($1)
ON CONFLICT (key) DO NOTHING;
```

Idan layi ya shiga, sanarwar sabuwa ce. Idan bai shiga ba, maimaici ce, sai a ƙyale ta amma a amsa da 200, in ba haka ba za a yi ta aiko ta. Dole rubuta wannan layi da ƙara kuɗin su kasance cikin `transaction` ɗaya, su tabbata tare ko su rushe tare. In an raba su, sabar ta mutu a tsakani, za a ɗauka an gama aiki alhali kuɗin mutum bai shiga ba. Saƙon waya kuwa ba ya janyuwa bayan ya fita, don haka a ajiye shi a layin jira, a amsa tukuna.

Matsala ta biyu ta fi ɓuya. A ce an mayar wa mutumin kuɗinsa. Sanarwar `refund.pending` ta iso lokacin da sabar ke kwance, `refund.processed` ta iso bayan ta farfaɗo, sannan aka sake aiko ta farkon. Babu maimaici a nan, don haka shingen da muka gina ba zai tare ta ba. Manhajar da ke rubuta duk abin da ya zo ƙarshe za ta mayar da kammalallen aiki zuwa matakin jira, ma'aikaci ya gani ya sake biyan mutumin da hannu.

Gyaran shi ne a ba kowane mataki daraja: jira 1, kammalawa 2, kuma kada a karɓi canji sai darajarsa ta fi wadda ke rubuce. Inda matakai ba sa bin layi ɗaya, a ɗauki sanarwa a matsayin sallama a bakin ƙofa kawai, a koma wurin kamfanin a tambayi halin da ake ciki yanzu. Ga biyan kuɗi a Paystack, `/transaction/verify/:reference` ne ke ba da wannan amsa.

Masu suka za su ce wannan ƙarin aiki ne, kuma kowace tambaya tana cin lokaci. Gaskiya ne, shi ya sa ba zan matsa a yi haka kan sanarwar da ba ta taɓa kuɗi ko kaya ba. Amma inda kuɗi ke motsi, gwajin ba shi da tsada. Kafin ku karɓi manhaja daga hannun wanda ya rubuta ta, ku ce ya aiko sanarwa ɗaya sau biyu a lokaci guda, sannan ya aiko biyu a juye. In lambar biya ɗaya ta bayyana sau biyu a littafin kuɗi, ko mataki ya koma baya, aikin bai ƙare ba.