Mota ce ba ta ganin hanya, ba direba ba

Masu sayo tokumbo suna alfahari da Lane Keeping Assist, amma a hanyar Kalgo ko Gwandu bai kamata direba ya dogara da ita ba. Kyamara ce a bayan madubin tsakiya, tana neman bambancin farin fenti da baƙin kwalta. Idan taya ta kusanci layin, sai ta ɗan karkato sitiyari. To inda fenti ya koɗe, ƙurar hunturu ta mayar da komai launi ɗaya, me za ta gani? Wani lokacin ma facin kwalta take ɗauka layi. Layukan da ke allon gaban direba su ne shaida: da zarar sun dusashe, ta daina aiki, kuma sau da yawa ba ta yin ƙara.