Wasiƙar da Ciyaman Zai Iya Aiki da Ita

A yawancin makarantun sakandare, idan malamin Turanci ya ɗauki jan biro zai duba wasiƙar hukuma, idonsa kan fara sauka ne a saman takarda da ƙasanta. Akwai adireshin mai rubutu da kwanan wata? Akwai adireshin wanda aka rubuta wa? An sa “Dear Sir”, an sa kanun magana, an rufe da “Yours faithfully”, an sa hannu da cikakken suna? Idan waɗannan sun cika, sau da yawa ɗalibi ya riga ya haye a zuciyar malam tun kafin a karanta abin da ya faɗa. Wannan ɗabi'a tana cutar ɗalibai, kuma ko ma'aunin masu shirya jarrabawa bai goyi bayanta ba.

A jarrabawar Turanci ta WAEC, insha'i yana da maki 50, ana kuma son kalmomi kimanin 450. An raba makin kashi huɗu: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kiyaye ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko na rubuta kalma ko na alamar rubutu yake cin rabin maki. Adireshi da kanu da sa hannu duk a ƙarƙashin tsari suke, tare da jeranta sakin layi. Ke nan abin da malam ya fi zuba wa ido wani yanki ne kawai na maki 10 cikin 50. Sauran yana wajen abin da aka faɗa da yadda aka faɗe shi.

A ƙaddara wani malami a Gaya ko Ajingi ya ba 'yan aji biyu na babbar sakandare aiki: su rubuta wa Shugaban Ƙaramar Hukuma wasiƙa kan lalacewar rijiyar burtsatse a ƙauyensu, su bayyana illa uku, su ba da shawara. Takardu biyu sun zo gabansa.

Ta farko tsaf take a ido, babu abin da ya ɓace na siffa. Amma sakin layin farko gaisuwa ce: yaya iyali, yaya fama da jama'a, Allah ya ƙara ɗaukaka. Na biyu yabo ne. Sai a na uku aka ambaci ruwa, shi ma a dunƙule, wai mutane suna shan wahala, a taimaka. Ba a faɗi ko wace rijiya ba ce, ko tun yaushe ta tsaya. A ƙarshe ɗalibin ya roƙi a turo wa makarantarsu malaman kimiyya. Ta biyu kuwa ta manta kanu, ba ta sa hannu ba, kuma kurakuran rubutunta sun fi yawa. Sai dai jimlarta ta farko ta faɗi abin da ya kawo ta: rijiyar da ke bakin kasuwa ta yi wata uku ba ta ba da ruwa. Ta ce yara suna makara zuwa makaranta saboda neman ruwa, kuɗin jarka a wajen 'yan garuwa ya tashi, wasu gidaje sun koma shan ruwan kududdufi. Ta nemi a turo ma'aikatan sashen ayyuka su duba famfon, ta ƙara da cewa mutanen gari a shirye suke su kafa kwamitin kula da shi.

Mai dubawa da ya bi ma'auni da gaskiya zai iya ba ta farko 4 a ƙunshiya, domin ba ta kawo illa ukun da aka nema ba. 6 a tsari. 9 a harshe. Sannan kurakurai 12 su bar mata 4. Jimla 23. Ta biyu za ta iya samun 7 a ƙunshiya, 5 a tsari saboda kanu da sa hannun da ta rasa, 12 a harshe, kurakurai 16 kuma su bar mata 2. Jimla 26. Tazarar ba ta da yawa, kuma wani malamin zai iya sauya maki ɗaya nan ko can, amma wadda ta fi ita ce wadda Ciyaman zai iya rubuta umarni a gefenta ya miƙa wa wani ma'aikaci. Ta farko, ko ya so taimakawa, bai san inda zai tura kowa ba.

Maganar gaisuwa ita ce ta fi bukatar natsuwa. Yaron da ya buɗe wasiƙarsa da tambayar lafiyar iyalin Ciyaman ba jahilci ya yi ba. Ya taso ne a inda ba a faɗa wa babba bukata tsulum, sai an durƙusa an yi gaisuwa, kuma ya saba jin wasiƙar Hausa tana farawa da “bayan gaisuwa mai yawa”. A Gaya, garin da ke da daɗaɗɗiyar sarauta, wanda ya shiga gaban hakimi ya fara da kuka kafin gaisuwa shi ne marar tarbiyya. Ɗalibin ya san darajar wanda yake rubuta wa. Abin da bai sani ba shi ne cewa a wasiƙar ofis ta Turanci, girmamawar tana cikin muƙamin da aka rubuta daidai a adireshi, da tausasa kalmomin roƙo, da rashin ɓata wa mai karatu lokaci. Malamin da ya ja layi ya rubuta “ba daidai ba” bai koya masa komai ba. Wanda ya rubuta a gefe cewa wannan takarda sakatare ne zai fara karanta ta, cikin tarin takardu, kuma zai nemi dalilinta a layin farko, ya ba shi abin da zai riƙe har ranar da zai nemi aiki. Makin zai ragu dai, amma sau ɗaya ya kamata ya ragu, a ɓangaren harshe inda ake duba dacewar lafazi. Cire masa a ƙunshiya da tsari da harshe duk a kan gaisuwa ɗaya, dukan biri har hanji ne.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato ɗalibin da ya ji an ce a tafi kai tsaye, sai ya koma zargi da barazanar zaɓe mai zuwa. Shi ma ya kuskure lafazi, kuma nasa ya fi muni, domin wasiƙarsa za ta toshe ƙofar da ya zo ƙwanƙwasawa.

Roƙon malaman kimiyya da takarda ta farko ta yi wani kuskure ne da ba kasafai ake lura da shi ba. A Jihar Kano, tura malamai manyan makarantun sakandare na gwamnati aikin hukumomin jiha ne, ba na ƙaramar hukuma ba. Sanin mai karatu ya haɗa da sanin abin da ke cikin ikonsa. Ba a sa ran ɗan shekara goma sha shida ya san dukan rabon aikin gwamnati, amma an ba shi batu ɗaya, ruwa, ya kuma fita daga cikinsa.

Masu kare tsohuwar hanya suna da hujja mai ƙarfi. Malamin da ke da takardu tamanin ko ɗari a gabansa ya fi samun sauƙin ƙirga adireshi da waƙafi, kuma a nan ba mai jayayya da shi; auna manufa da lafazi kuwa yana bukatar hukunci, hukunci kuma yana iya karkata. Gaskiya ne, kuma siffa ba abin rainawa ba ce, domin wasiƙar da ba sa hannu ba ta da mai ita a idon ofis. Amma ana iya rage karkatar ba tare da ƙarin lokaci mai yawa ba. Malam ya karanta sakin layin farko da na ƙarshe kafin ya taɓa biro, ya ga ko zai iya faɗin abin da ake nema da wanda zai aiwatar cikin jimla ɗaya. Malaman Turanci biyu ko uku na makaranta ɗaya kuma su zauna su duba takardu biyar tare kafin kowa ya ɗauki nasa kason, kamar yadda WAEC take tara masu dubawa su daidaita hannu a kan wasu takardun gwaji kafin a raba musu aiki.